Ku ɗaga hannu daga kasuwa kafin NFP ya fito

Asarar da ƙaninmu ya tafka a kasuwar canjin kuɗaɗe ta forex a Jidda ranar Juma'ar nan ba laifin dillali ba ce, kuma raina ya ɓaci da na ga manya suna taya shi tsine wa kamfani maimakon su gaya masa gaskiya. Duk wanda ya bar ciniki a buɗe har rahoton NFP, wato na guraben aiki na Amurka, ya fito, shi ya kai kansa.

Lokacin ba a ɓoye yake ba. Rahoton guraben aiki na Amurka galibi yana fitowa ne Juma'ar farko ta wata, ƙarfe 8:30 na safe agogon New York, wato 3:30 na yamma a nan Saudiyya, gab da La'asar. Idan lokacin ya matso, manyan bankuna kan janye tayinsu don gudun asara, kasuwa ta yi ƙarancin masu saye da sayarwa, sai tazarar da ke tsakanin Bid, farashin da kake sayarwa a kai, da Ask, farashin da kake saye a kai, ta buɗe.

Ana ta cewa ai ya sa Stop Loss. To, Stop Loss umarni ne na a fitar da kai a farashin da aka fara samu da zarar kasuwa ta kai iyakar asarar da ka ajiye, bai yi maka alkawarin farashin da ka rubuta ba. A ce kana da dala 500, ka sayar da EUR/USD, wato yuro a kan dala, ciniki mai girman lot 0.50, kowane pip, wato ɗan matakin motsin farashi, dala 5 ke nan, ka ajiye iyakarka nisan pip 10 da niyyar kada asararka ta wuce dala 50. Rahoto na fitowa farashi ya yi tsalle, ba a samu wanda zai karɓi cinikinka ba sai a nisan pip 40. Dala 200 ta tafi cikin daƙiƙa guda, riyal 750 cur. Kai, ko tsallen bai auku ba, wanda ya sayar a farashin Ask ake rufe masa, alhali jadawalin da yake kallo galibi Bid yake nunawa, don haka buɗewar tazarar kaɗai ta isa ta fitar da shi.

Masu cewa a lokacin labarai ake samun riba mai tsoka, ban ga abin tsayawa musu da su ba, domin ko ka canki inda farashi zai nufa, yakan fara dukan ɗaya ɓangaren ya share ka tukuna.

Don Allah, 'yan'uwa, ku rufe ciniki, ku soke umarnin da ke jira, ku kashe duk manhajar da ke yi muku ciniki da kanta aƙalla rabin sa'a kafin lokacin, kada ku dawo sai kun ga tazarar ta koma yadda kuka saba ganinta. Haka za ku yi ranar rahoton hauhawar farashi na CPI, da daren da babban bankin Amurka ke sanar da kuɗin ruwa, ƙarfe 9:00 agogonmu.

Masu sa ƙararrawa a waya kuma su lura, Amurka tana mayar da agogonta baya a farkon Nuwamba, mu kuwa ba ma taɓa namu, saboda haka daga nan har zuwa Maris 3:30 ta koma 4:30, ƙarfe 9:00 kuma ta koma 10:00.