Kafin ka tura wa amarya hotonta, koma ka dubi na asali

Ni dai a ganina, mai gyaran hoton da bai koma ya kwatanta aikinsa da na asali ba, bai gama aiki ba. Ido yana sabawa. Sai ka yi minti 40 kana goge fuska ɗaya kaɗan-kaɗan har fatar ta koma kamar ta 'yar tsanar roba, kai kuma kana ganin komai lafiya, domin ka riga ka manta yadda take da farko.

Abin ya taɓa faruwa da ni a hoton kamun wata amarya. Ta roƙi in ɗan rage mata ƙugu, na shiga Liquify, kayan aikin Photoshop na matsa sassan hoto, na matso da gefen rigar ciki, na aika. Can sai ga kiran yayarta: "Malam, ƙofar ɗakinmu fa ba karkatacciya ba ce." Na buɗe, wallahi haka ne. Katakon ƙofar da ke bayanta ya lanƙwashe daidai saitin ƙugun, zanen leshin ma ya miƙe kamar an ja shi da ƙarfi. Na ji kunya matuƙa, domin ita ce za ta sha maganganun mutane, ba ni ba.

Tun ranar na canza. A Photoshop ina riƙe Alt in danna alamar idon da ke gefen layer ɗin Background, sai na asali ya bayyana shi kaɗai, in sake dannawa gyaran ya dawo. A sashen Develop na Lightroom maɓallin \ ke yin haka. Jera hotunan gefe da gefe da Y yana da kyau wajen duba launi, amma lanƙwasa sai a wannan kunnawa da kashewar ake kama ta, saboda duk abin da ka taɓa zai motsa. Kada ka kalli mutum, kalli bayansa: layin tayil, labule, ƙarfen taga. Bango ba ya numfashi. In ya motsa, koma Liquify da sabon kwafin na asali, ka shafe wurin da Freeze Mask don ya tsaya cak kafin ka sake matso da jikin.

Ita kuwa fata, a 100% ake duba ta, wato Ctrl+1 a Photoshop. A ƙaramin hoto kowace fuska sumul take. Nemi ƙananan ramukan fata a kunci da gefen hanci. In suna nan a na asali, a naka babu, ka wuce gona da iri. Sannan ka gwada fuskar da wuya da kunne da hannun da aka yi wa lalle. Nan ake ganin fuska ta yi fari fat, hannu yana nan da launinsa. Yawanci ina sauke Opacity na gyaran zuwa 50 ko 60, sai fatar ta dawo ta mutum.

Ƙurjin da zai baje cikin mako ɗaya, ina cire shi. Tawadar Allah da tsagen gado kuwa ba na taɓa su sai mai hoton ta ce in taɓa.