Tambayar da aji duka ya faɗi: kafin ka ce yara ba su karatu, dubi waɗanda suka ci

Duk malamin da ya taɓa zama da tarin takardu bayan jarrabawa ya san wannan. Kana cikin gyara, sai ka lura akwai wata tambaya ɗaya da tun takardar farko jan bik ke hawa kanta. Abin da muka saba faɗi a ɗakin malamai bai wuce biyu ba: ko a ce yaran yanzu ba su karatu, ko a ce a soke tambayar a raba wa kowa makinta. Ni dai na daina yin ko ɗaya sai na ƙirga, kuma ina ganin duk wanda ke ba yara maki ya kamata ya koyi ƙirgar nan. Ba ta buƙatar na'ura. Takarda ce da bik da awa ɗaya bayan la'asar.

Lissafi nake koyarwa a wani kwaleji nan Damagaram, aji na biyu, wanda muke ce wa sankiyam. Bara na yi wa ajina mai yara 60 jarrabawar zaɓi a kan lissafin kashi cikin ɗari, tambaya 20, kowace da amsa huɗu da maki ɗaya. Da Faransanci aka rubuta ta, amma zan kawo tambayoyin da Hausa.

Ƙirgar farko ita ce a kowace tambaya, yara nawa suka ci. Ka raba da yawan ajin, abin da ya fito shi masana ke rubutawa da harafin p. Idan 45 suka ci cikin 60, p ya zama 0,75. Yawancin tambayoyina sun faɗa tsakanin 0,40 da 0,80, ban taɓa su ba. Uku ne suka fita daban: ta 2 yara 57 suka ci, ta 7 yara 6 kawai, ta 15 kuma yara 9.

Ƙirga ta biyu ita ce ainihin aikin. Na jera takardun daga mai maki mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, na ware 16 na sama da 16 na ƙasa, na tura sauran 28 gefe. Wannan 16 ɗin kashi 27 cikin ɗari ne na ajin, adadin da Truman Kelley ya nuna dacewarsa tun 1939. In ka ɗauki kwata ma ba laifi. A kowace tambaya sai ka ƙirga waɗanda suka ci a tarin sama, ka ɗebe waɗanda suka ci a tarin ƙasa, ka raba da 16. Wannan shi ne D. Yana gaya maka ko tambayar tana rarrabe wanda ya iya da wanda bai iya ba. A ma'aunin da Robert Ebel ya yaɗa, D da ya kai 0,40 tambaya ce mai kyau ƙwarai, wanda ya gaza 0,20 kuma sai an sake duba ta.

To, tambaya ta 7. Ga ta yadda na rubuta: buhun hatsi jika ashirin ne, wato sefa 20 000, mai shago ya yi ragin kashi 15 cikin ɗari, nawa ne kuɗin? Amsoshin su ne 3 000, da 17 000, da 19 985, da 23 000. A takardar gyarana na sa 3 000, don a kaina kuɗin ragin nake nema.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne yara 6 cikin 60, wato p na 0,10. Da a ce yaran nan sun rufe ido sun yi canki-canka a cikin amsa huɗu, da wajen 15 sun dace. Idan aji ya kasa kaiwa ko abin da sa'a ke bayarwa, akwai abin da ke jan su zuwa wata amsa. Sai na duba su waye shidan nan. Daga tarin sama yaro ɗaya ne, daga tarin ƙasa huɗu, ɗaya kuma daga tsakiya. D ya fito 1 a ɗebe 4 a raba da 16, wato 0,19 ƙasa da sifili. Ma'ana, iya karatunka iya faɗuwarka a tambayar nan. Yarinyar da ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba a ajin tana cikin waɗanda na ja wa jan bik.

Na bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Yara 33 ne suka zaɓi 17 000, kuma cikinsu akwai 13 daga 16 na sama, uku kawai daga na ƙasa. Nan na ajiye bik. Yaran sun nemo ragin, sun samu 3 000, sun ɗebe shi daga 20 000, sun ba da kuɗin da mai saye zai biya. Ka je kasuwar Dole ka ce wa mai hatsi "bayan ragi nawa ne kuɗin?", ai abin da za ka miƙa masa zai faɗa maka. Sun yi aikin da na nema har sun ɗora mataki ɗaya a kai, ni kuma na ba su sifili. Da na ɗauki 17 000 a matsayin amsa, p ya koma 0,55, D kuma 0,63, ya fi na kowace tambaya a takardar.

Na mayar wa yara 33 makinsu, ban ƙwace na shidan ba, tunda laifin rubutun nawa ne. Ba kowa na ba ba. Yara 15 da suka zaɓi 19 985 sun ɗebe sefa 15 ne kai tsaye, ba su san me ake nufi da kashi cikin ɗari ba, kuma da na soke tambayar da wannan labarin ya bi ruwa. Yanzu tambayar tana cewa: nawa mai saye zai biya bayan ragin? Na bar 3 000 a cikin amsoshin ƙarya, don kama wanda ya tsaya a rabin hanya.

Da na kai wa wani dattijon malami labarin, ya kusa ritaya, sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, to ta 15 ɗin ma ka gyara, ai ita ma ta kashe su." Na ce, "Malam, wannan kam ba ta da laifi." Nan muka sha bamban, kuma nan nake so a fahimce ni.

Tambaya ta 15 ta ce kaya na 20 000 ya hau da kashi 25 cikin ɗari, sannan ya sauka da kashi 25 cikin ɗari, nawa ya koma? Ya hau zuwa 25 000, kwatan 25 000 kuma 6 250 ne, saura 18 750. Yara 9 suka ci, p na 0,15, ita ma ƙasa da canki-canka. In da p kaɗai ka duba, za ka ce ciwonsu ɗaya da ta 7. Amma cikin taran nan bakwai daga sama suke, biyu daga tsakiya, babu ko ɗaya daga ƙasa. D ya zama 0,44. Mafi yawan sauran sun zaɓi 20 000, suna ganin abin da ya hau da 25 ya sauka da 25 ya dawo gida. Rubutun tambayar ba shi da baki biyu, amsar gyara daidai take. Abin da ya faru shi ne ban tsaya a allo na nuna musu cewa ragin daga sabon farashi ake cire shi ba. Darasi ne ke buƙatar gyara. Na koma na yi shi a awa biyu, da farashin tiyar hatsi lokacin bazara da lokacin kaka, tambayar kuma na bar ta ko wasali ban canja ba.

Ita kuwa ta 2, wadda kusan kowa ya ci, ita muka fi yi wa sakaci, don ba wanda ke kawo ƙara a kan makin da ya samu. Kashi 10 cikin ɗari na 5 000 na tambaya. D ɗinta 0,13 ne, amma kar wannan ya ruɗe ka: yara uku kawai suka faɗi, ko da dukansu a tarin ƙasa suke D ba zai wuce 3 a raba da 16 ba, wato 0,19. Tambayar da kusan kowa ya ci ba ta da hanyar samun babban D, don haka ba da shi ake yi mata hukunci ba. Abin tambaya shi ne, sun ci don sun iya, ko don na bar ƙofa a buɗe? Na duba amsoshin ƙarya da na sa: 5, da 50 000, da 1 000 000. Biyun ƙarshe ba wanda ya taɓa su. Wane yaro ne zai ce ɓangaren jika biyar ya kai miliyan? An saba cewa amsar ƙarya da ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na aji suka zaɓa ba ta aiki, a ajina yara uku ke nan. Na buɗe kayen yaran na kwaso kurakuran da suke yi da hannunsu: 50, da 4 500, da 4 990. Da na ba ɗaya ajin sabuwar, 41 suka ci cikin 58, wato 0,71. Ajin daban ne, don haka ba zan rantse a kan adadin ba, amma wannan karon kowace amsar ƙarya ta samu masu zaɓenta.

Ban ce a kori tambaya mai sauƙi ba. Ina son ɗaya ko biyu a farkon takarda don hankalin yaro ya kwanta. Kuma in abin da kake gwadawa dole ne kowa ya iya shi, kamar jadawalin sau, to 0,95 abin farin ciki ne.

Ƙirgar tana da iyaka, kuma na sha cin karo da ita. A tari mai yara 16, yaro ɗaya kaɗai na motsa D da 0,06, don haka bambancin 0,18 da 0,22 ba abin yanke hukunci ba ne. A ajin da yara uku ke kan teburi ɗaya, satar amsa na ɗaga p ta kuma danne D, domin na ƙasa ya kwafi na sama. Tambayar ƙarshe kuma sau da yawa lokaci ne ya cinye ta, sai ka ƙirga waɗanda suka bar wurin fari kafin ka ce tana da wuya. Masu tambayoyin rubutu irin na birbe su ma za su iya: in tambaya tana da maki 4, matsakaicin aji kuma maki 1 ne, p ya zama 0,25, sannan a gwada matsakaicin tarin sama da na ƙasa.

Ranar da na mayar da takardun, na rubuta tambaya ta 7 a allo yadda take da farko, na ce su nemo mini kuskuren. Yarinyar nan ce ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, wane kuɗi kake nufi, na ragi ko na biya?" Na ce ta kawo takardarta, 17 ɗinta ta koma 18.