Kasafin kuɗi mai lamba ɗaya tal yaudara ce

A Disambar 2019 aka sa hannu kan kasafin kuɗin Najeriya na 2020, an ɗora shi kan gangar mai a dala 57 da haƙo ganga miliyan 2.18 kullum. Wata huɗu kacal, korona ta jefa farashin ƙasa da dala 20, dole aka koma majalisa aka sake lissafi kan dala 28. Ba wanda zai ce ya hango korona, to amma faɗuwar farashin mai ai ba baƙon abu ba ne, mun gani a 2014 zuwa 2016. Shi ya sa nake ganin bai kamata ’yan majalisa su karɓi kasafin da bai zo da lissafi uku ba: in abubuwa sun yi kyau, in sun tafi yadda aka saba, da in sun lalace.

Ɗauki na 2025. An ce dala 75, ganga miliyan 2.06, wato man dala miliyan 154.5 kenan a rana, kafin a cire kuɗin haƙowa da kason kamfanoni. Yanzu taɓa abu ɗaya ka bar saura. Farashi ya sauko 65, an tashi da miliyan 133.9, an rasa wajen 21. Mayar da farashin 75 ka rage gangar zuwa miliyan 1.6, kusan abin da ake iya haƙowa, sai ka ga 120, an rasa 34.5. Ka ga a wannan gwajin ƙarancin ganga ya fi farashi cizo, kuma shi ne muke da ɗan iko a kai, don satar mai da fasa bututu a gidanmu suke, farashi kuwa ba mu ke yanka shi ba.

In ka haɗa biyun, dala 65 da ganga miliyan 1.6, dala miliyan 104 ne, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. A wajena wannan ne lissafin tsakiya, na lalacewa kuma sai a gwada dala 55 da ganga miliyan 1.5, wato 82.5. Matsalar ita ce wancan 154.5 ɗin, wanda shi ne na in komai ya yi kyau, shi aka kawo a matsayin abin da ake tsammani, kuma gane hakan ba wuya, kawai ka duba abin da aka haƙo a shekarun baya ka ga an jima rabon da a kai miliyan 2.

Sannan lissafin lalacewa ba shi da amfani in ba a rubuta abin da za a yanke ba. Albashi da biyan bashi ba sa jira, saboda haka titi da asibiti da aji su ke shan wuƙa. Gara tun ranar gabatarwa a ce in mai ya yi wata uku ƙasa da dala 60, ga ayyukan da za a dakatar, da sunansu. Jihohinmu da ke jiran kason Abuja duk wata su ma majalisunsu su nemi wannan jerin daga kwamishinan kasafi kafin su buga guduma.