Fam 25 ta jawo mana wulaƙanci a waya

Minti arba'in na yi riƙe da waya jiya ana sa mini kiɗa, duk don in tambayi wani banki a Birtaniya dalilin yankar Kawu fam 15. Shekara shida ke nan ina duba masa sitatimen ɗin asusun kasuwancinsa da jan biro, kuma ban taɓa gamawa raina bai ɓaci ba.

Ga yadda abin ya faru. Kawu yana da obadiraf na fam 2,000, wato rancen da banki ya yarda ya ci idan asusu ya ƙare, kuma ya cinye shi tas. Wani mai saye ya turo fam 4,000, amma fam 3,975 ta iso. A takardar turawa an zaɓi SHA, ma'ana a raba caji, sai bankin tsakiyar hanya ya gutsuri fam 25. Da OUR aka zaɓa, mai turawa ne zai ɗauki nauyin. Washegari aka cire fam 4,000 ta masu jigilar kaya, asusu ya haura iyaka da fam 25 kacal. Nan take tarar fam 15 ta hau, ga ruwa mai tsada a kan abin da ya haura.

Da wata baiwar Allah ma'aikaciyar bankin ta ɗauki wayar, na gaishe ta har da tambayar aiki. Ta ce, "Kai ne mai asusun?" Na ce ga shi a gefena, ni ke fassara masa. Ta ja numfashi yadda zan ji. Na ce kuɗin nan ba mu muka rage shi ba. Ta ce, "Yana cikin sharuɗɗa." Na ce wane shafi? Ta ce, "Ya kamata a ce kun karanta kafin ku sa hannu." Madalla da wannan nasiha! Na tambayi fam 30 da ake cira duk shekara, ta ce ladan buɗe obadiraf ne, kashi 1.5 na iyakar, ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba. Ina buɗe baki kan kashi 2.75 da suke ɗorawa idan an biya da kati a kuɗin da ba fam ba, sai ƙit. Kawu ya ce, "Ɗana, ta amsa?" Na rasa ta cewa.

Hukumar FCA, mai sa ido kan bankunan Birtaniya, ta hana ƙara wa mutane caji don sun haura iyaka tun Afrilun 2020, amma asusun ɗaiɗaikun mutane dokar ta shafa. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ko oho, kamar shi lauyoyi ke gadin shagonsa. Mu ma da namu laifin: a miƙo mana shafi talatin da ƙananan rubutu, mu dangwala hannu muna godiya, sai an yanke mu mu fara neman mai jan biro.