Ɗan'uwa, In Za Ka Rage Tsakure, Kada Ka Fara Daga Ƙasa

Ƙannena masu digiri na biyu da na uku, akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani a wurinku, kuma ba ta da kyau. Mutum ya shekara biyu yana bincike, ya rubuta tsakure, wato taƙaitaccen bayanin da ake sawa a farkon maƙala, mai kalma 420, sai mujalla ta ce 250 take so, ko ɗaya ba za a ƙara ba. Sai ya tsaya a kan shimfiɗarsa kamar gadon uba, ya gangara ƙasa ya dinga datse sakamako, har abin da ya gano ya koma jimla ɗaya: "An tattauna sakamakon binciken, an kuma ba da shawarwari." Wane sakamako? Mai karatu bai zo don ka sanar da shi cewa ka tattauna ba, ya zo ne ya ji me ka gano.

Kada ku ɗauki iyakar nan da wasa. Tsarin rubutun bincike na APA ya ce tsakure kada ya wuce kalma 250 a mafi yawan lokuta, rumbun arXiv kuwa haruffa yake ƙirgawa, 1,920. Wanda ya saba leƙa tsofaffin maƙalu a PubMed ya sha cin karo da rubutun nan a gindin tsakure: ABSTRACT TRUNCATED AT 250 WORDS. Wato an guntule shi inda lissafi ya cika. Duk wanda ya ɓata kalmominsa a shimfiɗa, sakamakonsa ne ya faɗa wancan gefen wuƙar, kuma haka mutane ke karanta shi har yau.

Mu ƙaddara wata ɗaliba ce a sashen aikin gona, ta gwada adana wake a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, da buhun algarara. Lambobin da zan kawo na misali ne kawai. Abin da za ta fara yi ba gogewa ba ne, ƙirga ne. Ta zaɓi kowane ɓangare shi kaɗai a Word, adadin kalmominsa zai fito a ƙasan allo. Sai ta tarar shimfiɗa ta ci 150, manufa 40, hanyar bincike 130, sakamako 60, kammalawa 40. Ga ciwon nan a fili: abin da aka yi wahalar dominsa shi aka ba kashi ɗaya cikin bakwai.

Sai ta yi sabon rabo: shimfiɗa da manufa a haɗe 50, hanya 60, sakamako 100, kammalawa 40. Ku lura da kyau, ana cikin ragi amma sakamako ƙaruwa ya yi, daga 60 zuwa 100. Saboda haka ba kalma 170 za ta cire daga sama ba, 210 ne. Kuma sakamakon za ta fara rubutawa, ta kulle shi, sannan sauran su raba abin da ya rage.

Ga jimlar da ke cikin tsohon rubutunta: "Sakamakon da aka samu daga wannan bincike ya nuna cewa akwai gagarumin bambanci tsakanin buhunan guda biyu ta fuskar yawan ɓarnar da ƙwari suka yi wa waken." Kalma 27 ke nan, amma don Allah wane buhu ne ya fi? Da nawa ya fi? Bayan wane tsawon lokaci? Shiru. Ga gyaran: "Bayan wata 6, ƙwari sun huda kashi 4 cikin 100 na waken buhun PICS, kashi 38 na waken buhun algarara." Kalma 20, kuma ta faɗi abin da aka kwatanta, da wanda ya yi rinjaye, da girman tazarar, da lokaci. Sau da yawa lamba ta fi sifa arha. "Gagarumi" ba ya gaya wa kowa komai, 4 da 38 kuwa ko manomi ya gane.

Shimfiɗa ba sai an daɗe a kanta ba. Mai karanta mujallar aikin gona ya san wake abinci ne, ya san ana noma shi a Arewa, don haka tarihin wake da amfaninsa ga jiki duk su koma babi na ɗaya inda suka fito. Jimla ɗaya ta faɗi matsala, ɗaya ta faɗi abin da aka gwada, shi ke nan. A ɓangaren hanya ma a tsaya kan tsarin gwajin, yawan buhunan, wurin da aka yi, da abin da aka auna. Sunan sikeli da sunan manhajar lissafi ba sa shiga, sai in su ne sabon abin da aka kawo.

Inda nasihar tawa ta fi nauyi shi ne nan. Akwai ragin da yake ƙarya ne, ko da mai yinsa bai nufa ba. Idan ɗalibarmu ta auna tsiron irin, ta ga babu bambanci tsakanin buhunan biyu, wannan ma sakamako ne, kuma kalma takwas ko tara sun ishe shi. In ta cire shi don bai yi daɗin ji ba, ta bar mai karatu da zaton buhun PICS ya yi nasara ta kowace fuska. Haka nan in a ƙauye ɗaya ta yi gwajin, a kaka ɗaya, to "a ƙauye ɗaya" kalma uku ne kacal, amma su ne ke hana wani ya ɗauki zancen ya shafa wa jiha guda. Mafi muni kuma shi ne mai da "yana da alaƙa da" ya koma "yana haddasa". Ka ci ribar kalma biyu, ka kuma yi da'awar abin da bincikenka bai tabbatar ba. Ilimi amana ne, kuma mutane da yawa tsakuren kaɗai za su karanta, musamman inda cikakkiyar maƙalar sai an biya kuɗi. Abin da ka faɗa a nan shi za a yi ta ambata da sunanka.

Masu rubutu da Hausa, ku yi hattara da ƙananan kalmominmu, su "da" da "na" da "ya" da "aka", don kowace ɗaya na'ura take ƙirga ta. "An gudanar da bincike a kan" ya koma "an binciki", "domin a samu damar gano" ya koma "don gano". Amma in haruffa ake ƙirgawa lissafi ya sauya, dogayen kalmomi ne za ka sa wa ido. Sannan ƙirgar Word da ta akwatin mujalla ba kullum suke daidaita ba: `p < 0.05` kalma uku ne a Word, `p<0.05` ɗaya. Ka tsaya a 245, kada ka manna a daren rufewa akwati ya ce ka wuce da biyu, ka yi ragin gaggawa ido na barci.

Da ka gama, ka ba wani abokin karatu wanda bai san aikinka ba ya karanta sau ɗaya, ka karɓe takardar, ka tambaye shi me aka gano kuma da nawa. In ya ce maka "wani abu ne dai kan wake", ka koma ka sake rage shimfiɗa. Daga nan ka ɗauki kowace lamba da ke tsakuren ka neme ta a jadawalin da ke cikin maƙalar, domin wurin gyara ne 38 ke rikiɗewa ta zama 83, kuma mai tantancewa nan yake fara dubawa.