"Ranka ya daɗe" ba ya tafiya da tu

Akwai wata doka da masu fassara daga Hausa zuwa Faransanci suka ɗauka kamar an saukar da ita, musamman ƴan'uwanmu da suka koyi Faransanci a aji ba a bakin masu shi ba: wai kai da ke su ne tu, ku kuma shi ne vous. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma a gaisuwa ta fi yin ɓarna.

Bahaushe ba a wakilin suna kaɗai yake ajiye ladabinsa ba. Talaka zai durƙusa gaban hakimi ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tashi lafiya?" Ka ya ce, kuma babu wanda zai ce ya yi rashin kunya, don girmamawar tana cikin durƙuson da addu'ar. Haka almajiri zai ce, "Allah ya gafarta Malam, ka dawo lafiya?" Gaskiya ne akwai wuraren da ake ce wa babba ku, har wani gida yaro bai isa ya ce wa mahaifinsa kai ba, amma ba ko'ina ba ne. Shi kuwa Faransanci ya ɗora nauyin a kan kalmar nan guda. Ka ce wa shugaban ma'aikata tu a haɗuwar farko, to duk Monsieur ɗin da ka jera a gaba ba zai wanke ka ba.

Mu ɗauki saƙon da ɗalibi a Damagaram zai aika wa tsohon malaminsa Bafaranshe: "Malam, ina wuni? Ka isa gida lafiya? Yaya iyalinka? Don Allah ka gaishe su."

"Ina wuni" ba ta da matsala, ba ta nuna kowa ba, Bonjour ko Bonsoir ta isa. Sai dai kada a sa Salut, don ita ta tsara ce, abokiyar tafiyar tu. Daga jimla ta biyu ne dole a yanke shawara. Mai bin dokar can zai rubuta Tu es bien arrivé ? Abin da ɗalibin yake nufi kuwa shi ne Vous êtes bien arrivé ? A lura, arrivé ɗin ba ya ɗaukar s, domin mutum ɗaya ake yi wa magana ko da an ce masa vous. In malama ce sai a rubuta arrivée. Wanda ya rubuta arrivés ya mayar da tambayar ta jama'a, kamar malamin da ayari ya tafi.

Inda aka fi kama mai fassara shi ne ƙananan kalmomin da ke biye. Zai fara da vous lafiya lau, ya zo kan "iyalinka" hannu ya zame ya rubuta ta famille maimakon votre famille, ya zo kan "don Allah" ya rubuta s'il te plaît maimakon s'il vous plaît. In kana duba aikin wani, nemi te da ton da ta da tes a cikin wasiƙar da aka buɗe da vous. Ko ɗaya ka gani, saƙon ya zama kamar babbar riga a kan gajeren wando.

Kada kuma a ce to shi ke nan, a riƙa sa vous ko'ina a huta. In malamin ya amso wa ɗalibin da tu, ba raini ba ne, babba yana iya yi wa ƙarami haka, shi ƙaramin ya ci gaba da vous har sai babban ya ce On peut se tutoyer. Sannan yawancin Faransawa tu suke ce wa iyayensu. Saboda haka in yarinya ta rubuta "Baba, kun tashi lafiya?" ka mayar da shi vous, Bafaranshen da ya karanta zai ɗauka akwai tsamin dangantaka a gidan, ko kuma gidan tsofaffin masu sarauta ne. Ga ku ɗinmu ya koma tu. Kai, ko Allah Maɗaukaki ma, a fassarorin Fatiha na Faransanci Toi ake ce masa.

Abin da nake tambaya kafin in taɓa gaisuwa shi ne: wa ke gaida wa, me ke tsakaninsu, kuma wa zai karanta? In baƙo ne, ko babba a wurin aiki, ko suruki, vous. In yaro ne ƙarami ko aboki, tu. In Turanci aka kawo mini, inda you ya haɗiye komai, ba na ƙiyasi, waya nake ɗauka in tambayi mai saƙon shekarun wanda za a aika wa da yadda suka saba kiran juna.