Honorabul Ya Ƙi Janyewa

Ɗalibai ne ke kwaikwayon zaman majalisar dokoki a aji, Malam yana ba su maki.

CIYAMAN (ya buga ludayi, don guduma ta ɓata tun zangon farko): Ƙudurin hana yara talla lokacin makaranta ya tsallake karatu na biyu, yanzu sashe-sashe za mu bi shi. Sashe na 3: "Duk yaron da aka kama yana talla, tarar naira 5,000."

MALAM: Maki goma ne. Biyu na tsara gyara, takwas na hujja. Ihu ba shi da maki.

'YAR GABAN AJI: Ranka ya daɗe, wane ne "yaro"? Ƙudurin bai faɗa ba, alhali dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ce wanda bai kai 18 ba. A sa wannan. Kuma a cire "yaron da aka kama", a sa "wanda ya ɗora wa yaro talla". Yarinyar da jarinta bai wuce faranti ɗaya ba, in aka ci ta tara, gobe da asuba za ta fito neman kuɗin biya.

HONORABUL (babbar rigar aro ce, har yanzu tana ƙamshin mai ita): Ni ma ina da gyara.

CIYAMAN: Bismillah, ɗalibi.

HONORABUL: Honorabul.

CIYAMAN: Honorabul. Wane sashe?

HONORABUL: Duka.

MALAM: Gyara sai ka faɗi sashe, da kalmar da za a cire, da wadda za a sa.

HONORABUL: To, sashe na 1. A cire "daga ranar sa hannu", a sa "daga bara".

MALAM: Ya tsaru. Hujja?

HONORABUL: Wata mai gyaɗa ta gudu da canjina bara.

'YAR GABAN AJI: Sashe na 36(8) na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum kan abin da ba laifi ba ne ranar da ya aikata shi. Kotu za ta yi watsi da gyaranka.

HONORABUL: Na cire "bara". A sa "wata goma sha biyu da suka wuce".

MALAM: Ai shi ne bara.

HONORABUL: "Daminar da ta gabata."

CIYAMAN: Ka janye mana, don Allah.

HONORABUL: Mutanen mazaɓata ba su aiko ni janyewa ba. (Mazaɓar tasa benci ɗaya ce, su uku, biyu ba su zo ba.)

Aka kaɗa ƙuri'a. Gyaran 'Yar Gaban Aji ya faɗi, na Honorabul ya wuce da rinjaye, kuma kowane hannu da aka ɗaga da maiƙon ƙosai a jikinsa.

MALAM: Ke, tara. Kai, biyu.

HONORABUL: Malam, ni fa na ci ƙuri'a!

MALAM: Ƙosai ya ci. Shi ma ba shi da hujja.

SARKIN BARCI (ya ɗago daga bencin baya): Na goyi baya. An raba kuɗin zama?